Jawabin Minti Uku a Walimar Sabon Likita

Ranar da aka kafe sakamakon jarrabawar ƙarshe ta karatun likita, gida yakan ruɗe da murna tun kafin yaron ya iso daga makaranta. Cikin mako guda an sa ranar walima, an sayi rago ko kaji, an aika wa dangi. Abin da ba a cika shirya masa ba shi ne maganar da za a yi bayan an buɗe taro da addu'a. Sai an zauna a kan tabarmi, an zuba zoɓo da kunun aya, sannan a waiga a ce wa wani dattijo, "Alhaji, ai sai ka ɗan ce wani abu." Shi kuma ya miƙe ba shiri, ya fara daga tarihin kakanni, har a kira Magariba bai iso kan yaron ba.

Jawabin irin wannan rana gajere ne, minti uku ya ishe shi, amma yana da wuyar sha'ani fiye da na ɗaurin aure ko na suna. Dalili kuwa shi ne yawancin waɗanda ke zaune a wurin, har da mai jawabin, ba su san takamaimai abin da yaron ya ci ba, ba su kuma san abin da ya rage masa ba. Sun dai ji an ce ya zama likita.

Tambaya ta farko ita ce wa zai yi magana. A gidan Bahaushe uba ba ya tashi gaban jama'a ya yabi ɗansa, balle in ɗan fari ne, wanda wani uban ko sunansa ba ya kamawa. Uwa ma haka, alkunya ba za ta bar ta ba, sai dai a ga tana share ƙwalla da gefen mayafi tana cewa a ƙara wa baƙi abinci. Saboda haka maganar takan faɗa kan baffa, wato wa ko ƙanin uba, ko kuma kawu, ɗan'uwan uwa. Kowannensu da ranarsa. Baffa yana magana da yawun gidan gaba ɗaya, maganarsa tana da nauyi, amma shi ma uba ne, ba zai iya sakin baki da yabo ba. Kawu ya fi sakewa, yana iya ba da labarin ƙuruciyar yaron ya sa a yi dariya, kuma shi ne zai iya ambaton wahalar da 'yar'uwarsa ta sha ba tare da kowa ya ce an yi fariya ba. Gidan da ya yi dabara sai ya ba baffa jawabin, ya bar wa kawu ko goggo 'yar tsokana ta bayansa. Abin da ba ya kyau shi ne a jera mutum shida kowa da nasa, domin na huɗu maimaici kawai zai yi.

Duk wanda aka zaɓa, ya kamata ya zauna da yaron kwana biyu kafin walima ya tambaye shi abu uku: wace jarrabawa ce wannan, yaushe za a rantsar da su, kuma me ba ya so a faɗa.

Amsar tambaya ta farko ita ce ƙashin bayan jawabin. Karatun likita a jami'o'in Najeriya, wanda ake ba da digirin MBBS a ƙarshensa, shekara shida ne a takarda. Shekarar farko ta kimiyya ce zalla. Daga nan ɗalibi ya shiga karatun sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, inda yake koyo a kan gawa a ɗakin fiɗa, ya zauna babbar jarrabawar da ta fi kowace kore ɗalibai daga wannan fanni. Wanda ya tsallake sai ya koma asibitin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A can zai ci jarrabawar sanin cututtuka da ta sanin magunguna, sannan ta lafiyar yara da ta mata da haihuwa. Ta ƙarshe, wadda ake yi wa walima, ta ƙunshi cututtukan cikin jiki na manya, da tiyata, da lafiyar al'umma.

Kuma ba a takarda kaɗai ake yin ta ba. Ana kai ɗalibi gaban majinyaci na gaske, ya tambaye shi tarihin ciwonsa, ya duba shi, ya faɗi abin da yake zato da abin da zai yi, manyan likitoci suna tsaye a kansa, ciki har da waɗanda aka gayyato daga wasu jami'o'i domin kada a yi sani ko sabo. Makin cin jarrabawa hamsin ne cikin ɗari, kuma a yawancin makarantu wanda ya faɗi wannan ɓangare na gaban majinyaci ya faɗi darasin, komai kyan abin da ya rubuta. Baffan da ya san wannan, jimla biyu kacal zai yi a kai, jama'a su gane cewa ba haddar littafi kawai yaron ya yi ba.

Shekara shidan nan ma a takarda take. Ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnati a 2017 ya ci karo da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga Nuwamban 2018 zuwa Fabrairun 2019, sannan na 2020 wanda ya haɗu da kullen korona ya kai wajen wata tara, sannan na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In aka haɗa, an doshi wata ashirin. Yaron da aka raka tasha yana ɗan shekara sha takwas sai ga shi ya dawo da shekara ashirin da biyar ko da shida, abokan karatunsa na sakandare sun gama hidimar ƙasa, wasu har da 'ya'ya. Wannan ya cancanci a faɗe shi, domin akwai dangin da suka daɗe suna raɗa cewa ko dai maimaita aji yake yi.

Amsar tambaya ta biyu ita ce ke hana mai jawabi yin ƙarya ba da gangan ba. Cin jarrabawar ƙarshe bai ba yaro izinin buɗe asibiti ba. Sai an rantsar da su tukuna, Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, ta ba shi rajistar wucin gadi. Da ita zai yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibitin da hukumar ta amince da shi, wata uku-uku a sassa huɗu: na manya, na tiyata, na yara, da na mata da haihuwa, duk a ƙarƙashin idon manyan likitoci. Sai an sa masa hannu a kowane sashe sannan zai samu cikakkiyar rajista. Bayan nan ga hidimar ƙasa, shekara guda. In kuma yana son ya zama ƙwararre a wani fanni, akwai wasu jarrabawoyin da wasu shekarun, biyar ko fiye, a gabansa. Wanda ya yi karatunsa a waje, kamar 'ya'yanmu da yawa da suka je Sudan ko Masar, yana da ƙarin mataki tun daga farko, domin sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin a ba shi ko da rajistar wucin gadin. A irin wannan gida, addu'ar jawabin sai ta haɗa da jarrabawar da ke tafe.

A Jamhuriyar Nijar tsarin ya ɗan bambanta. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai yana rufe karatunsa ne da kare kundin bincike a gaban malamai, dangi suna zaune suna kallo, a nan take kuma ya yi rantsuwa. Walimar can takan biyo bayan wannan rana, don haka mai jawabi yana magana ne a kan abin da idonsa ya gani.

A ɗauki misali da wani gida a Zariya. Uban malamin firamare ne da ya yi ritaya, uwar tana sana'ar ɗinki a cikin gida, yaron shi ne na biyu a 'ya'ya bakwai, kuma ya shiga jami'a a 2017. An sa walima ranar Asabar bayan La'asar, maza a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, mata a ciki. Wan uban ne zai yi magana. Bayan sallama da salati, jawabin da ya dace da wannan gida zai iya tafiya kamar haka:

"Jama'a, mun gode da kuka amsa kiranmu. Abin da ya tara mu shi ne yi wa Allah godiya. Yaron nan namu ya tafi karatun likita shekara takwas ke nan. Shida aka ce mana, yajin aiki da korona suka ƙara masa sauran. Jarrabawar da ya ci yanzu ita ce ta ƙarshe, kuma ba a takarda kaɗai ake yin ta ba, gaban marar lafiya ake kai mutum, malamai suna tsaye suna kallon hannunsa. Allah Ya ba shi sa'a.

"Ƙanina ba zai yi magana ba, kun san halinmu. Ni zan faɗa a madadinsa. Shi da mai ɗakinsa sun yi haƙuri, sun hana kansu abubuwa da yawa. Ku da ke ciki, a isar mata da gaisuwarmu, mun san keken ɗinkin nan bai huta ba. 'Yan'uwa da maƙwabta da malamansa tun daga makarantar allo, duk wanda ya sa hannu ya san kansa, Allah ma Ya san shi, Allah Ya saka.

"Abu ɗaya zan tuna. Lokacin da Hajiya take kwance, yaron nan yana aji huɗu, ya zo hutu ya kwana goma a gefen gadonta. Kullum sai na tambaye shi me ke damunta, kullum sai ya ce, Baffa, bari mu tambayi likitanta. Tun ranar na san an koya masa abin kirki.

"Sauran magana gare mu take. Za a rantsar da shi wata mai zuwa, daga nan zai yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manyansa, kwana a asibiti, ga ɗan albashi. In kun kira bai ɗauka ba, yana kan marar lafiya ne, ba girman kai ba ne. In ba ku da lafiya ku je asibiti, zai nuna muku ƙofar da za ku bi.

"Kai kuma ɗana, ka ji tsoron Allah a kan talaka da mai kuɗi, ka riƙe sirrin mutane. Allah Ya sa albarka a hannunka, Ya kare ka daga kuskure, Ya sa ƙannenka su ga abin koyi. Malam, bismilla, a rufe mana da addu'a."

In aka karanta shi a natse, da tsayawar da jama'a za su yi suna cewa amin, bai wuce minti uku ba. Amma kusan kowace jimla a ciki tana da aikin da take yi, akwai kuma abubuwan da aka tsallake da gangan.

Godiyar ita ce wurin da aka fi yin tuntuɓe. Karatun likita ba ya yiwuwa da aljihu ɗaya: wani ya biya kuɗin rajista shekara guda, wata ta sayi abin sauraron ƙirji da farar riga, wani ya ba da ɗaki a Samaru ko Tudun Wada. Mai jawabin da ya fara jera sunaye ya ɗauko wa kansa rigima, domin in ya ambaci goma ya manta na sha ɗaya, wannan ɗayan shi za a yi shekara ana ba haƙuri. Baffan ya ambaci iyaye kawai, sauran ya haɗa su a dunƙule. In akwai wanda ya ɗauki nauyin karatun kacokan, to wannan dole a kama sunansa, amma a tambaye shi tukuna, don wasu ba sa so. Ba a faɗin adadin kuɗi. Ba a kuma cewa an sayar da gona ko saniya ko sarƙar uwa sai da yardar mai abin, domin abin da mai jawabi yake ganin yabo ne, wani uban tonon asiri yake ɗaukarsa, shi kuma yaron sai ya ji an karanta masa takardar bashi a gaban jama'a.

Labarin jinyar Hajiya shi ne zuciyar jawabin, kuma an zaɓe shi ne saboda ya nuna hali, ba ƙwaƙwalwa ba. Kowa a wurin ya riga ya san yaron yana da ƙoƙari, ba sai an ce tun yana firamare yake zuwa na ɗaya ba. Abin da labarin ya nuna shi ne ɗalibin da ya san iyakarsa, wanda bai yi wa baffansa burga da ɗan abin da ya karanta ba. Duk likitan da ke zaune a wurin zai gyaɗa kai, don a wannan aiki ƙaramin likitan da ba ya tambayar na gaba da shi shi ne abin tsoro. Labari ɗaya ya isa. Na biyu yakan rage wa na farko armashi.

Sakin layin da aka juya ga dangi shi ne wanda ba a saba ji ba, kuma shi ne ya fi amfanar yaron. Da zarar an ce gida ya samu likita, wayarsa ta zama ta kowa. Wannan ya turo hoton takardar gwaji, waccan ta kira da tsakar dare a kan zazzaɓin jariri, wani yana son a rubuta masa sunan magani ba tare da an gan shi ba, wani kuma takardar hutun rashin lafiya yake nema ya kai ofis. Yaron ba zai iya ce wa goggonsa a'a ba. Ƙa'idar aikinsu kuwa tana hana likita rubuta shaidar abin da bai duba ba, tana kuma jan kunnensa game da zama likitan danginsa na jini, saboda ƙauna da kunya suna hana mutum tambayar abin da ya kamata ya tambaya. In baffa ya faɗi wannan sau ɗaya a gaban kowa, ya sauke wa yaron nauyin da shi da kansa zai yi shekaru bai iya saukewa ba. Maganar riƙe sirri ma tana da tushe. Rantsuwar da za su yi, wadda aka samo daga Sanarwar Janiba ta 1948 da aka yi wa gyara na baya-bayan nan a 2017, ta ɗora wa likita riƙe sirrin majinyaci har bayan mutuwarsa. Don haka in maƙwabciya ta kwanta a sashen da yake aiki, kada kowa ya tare shi a zaure yana tambayar me aka gano.

Sai amsar tambaya ta uku, abin da yaron ba ya so a faɗa. Ɗalibai da yawa, har da waɗanda suka zama manyan likitoci daga baya, sun taɓa faɗuwa darasi ɗaya suka sake zama bayan 'yan watanni, wasu ma sun maimaita shekara. Wannan ba abin kunya ba ne a makarantar likita, amma ba na lasifika ba ne, sai in shi ya ce a faɗa. Haka nan ba a gwada shi da kowa. A irin wannan taro da wuya a rasa wani ɗan'uwa da ya nemi gurbin likita sau uku a jarrabawar JAMB bai samu ba, ko wanda ya fara aka mayar da shi wani fanni, kuma shi ne ma yake ta ɗawainiyar rarraba abinci. Jimla irin "ba kamar wasu ba" tana iya ɓata zumuncin shekara ashirin. Shi ya sa baffan ya tsaya a addu'ar ƙanne su ga abin koyi.

Akwai kuma alkawuran da ake ɗaura wa yaro a bainar jama'a. Wani mai jawabin zai ce daga yau ƙannensa sun zama nasa, ko ya gina wa garinsu asibiti, ko ya rantse ba zai bi sahun masu fita Birtaniya da Saudiyya ba. Fitar likitoci waje matsala ce ta gaske, kuma dattijo yana da hakkin ya faɗi ra'ayinsa a kai, amma a ɗaki, shi da ɗansa. Mutumin da ko albashin farko bai karɓa ba, bai kamata a sa shi ya ce "in sha Allahu" a kan abin da bai yi shawara da kansa ba. Maganar aure kuwa a bar wa kaka da taubasai, su ne al'ada ta ba lasisin tsokana, kuma daga bakinsu dariya za ta zama.

Wasu masu jawabin suna son su ɗan taɓo tarihi, musamman in yaron shi ne likita na farko a zuri'a. Ba laifi in jimla ɗaya ce kuma daidai take. Dakta Barau Dikko, ɗan Wusasa da aka haifa a 1912, wanda ya yi karatu a Birmingham, shi ake ambato a matsayin likita na farko daga Arewacin Najeriya, sunansa ne kuma a kan asibitin koyarwa na Jihar Kaduna. Sashen koyar da likitoci na Jami'ar Ahmadu Bello an buɗe shi a 1967. Wanda bai tabbatar da shekara ko suna ba gara ya bar tarihin, don a taron walimar likita ba a rasa wanda zai gyara masa daga baya. Haka ma aya ko hadisi: aya ta 32 a Suratul Ma'ida, mai magana a kan ceton rai, ita aka fi kawowa a irin wannan wuri, kuma ya fi kyau a bar wa liman ya karanto ta a addu'ar rufewa.

Wurin tsayuwa ma yana da muhimmanci. In maza suna waje mata suna ciki, mai jawabi ya tsaya kusa da ƙofar zaure, ko a juya lasifika ɗaya ta fuskanci cikin gida, don uwar da aka yi wa godiya ta ji da kunnenta ba sai an ba ta labari ba. Yanzu kuma akwai yaro mai waya a kowane lungu, kafin a kwashe tabarmi bidiyon ya isa wajen dangin da ke Legas da Jidda, wataƙila har wajen malaman da za su sa wa yaron hannu a asibiti. Duk abin da ba a so su ji, kada a faɗe shi a rumfa.

Ana iya gane jawabin da ya fara kaucewa tun yana tafiya. Amin ɗin jama'a yakan yi ƙasa, yara su fara zagaya kulolin abinci, shi kuma wanda ake yi dominsa ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Dattijon da ya lura da haka sai ya tsallaka kai tsaye zuwa addu'a.

Daga ƙarshe akan ce sabon likita shi ma ya ce wani abu. Nasa bai kamata ya kai minti ɗaya ba: ya gode wa Allah, ya gode wa iyaye da dangi da malamai a dunƙule, ya roƙi a ci gaba da yi masa addu'a saboda aikin da ke gabansa, ya faɗi ranar rantsuwa ga mai son zuwa. In abokan karatunsa sun halarta, ya nemi a haɗa da su a addu'ar, har da waɗanda za su sake zama jarrabawar nan da 'yan watanni, ba tare da ya kama sunan kowa ba.